Ragin kashi biyu da ya koma mana bashi a Kasuwar Singa

Kawuna yana da shagon sarin kayan masarufi a Sabon Garin Zariya, ni kuma ni nake riƙe masa littafi. Sabulu, garin wanki, taliya, madarar gari da ɗanɗanon girki, duk wurin mutum ɗaya muke ɗauko su, wani babban dila a Kasuwar Singa da ke Kano, wanda zan riƙa kira Alhaji kawai. Shekara takwas ke nan suna hulɗa. Tsarinsu mai sauƙi ne: a yi mana lodi, a rubuta, mu biya bayan kwana 30. Haka yake a takarda. A zahiri kuwa, da na bi littafin shekara biyu baya, na tarar kawu yakan kammala biya ne wajen kwana na 40, kuma Alhaji bai taɓa ɗaga murya a kai ba.

A ƙarshen Nuwamban 2024 masu ƙananan shagunan ƙauye da ke ɗaukar kaya wurinmu suka sayar da amfanin gona, suka biya basussukansu kusan lokaci ɗaya. Sai ga sama da naira miliyan huɗu kwance a asusun kawu ba su aikin komai. Lodinmu na gaba kuma na miliyan 4 ne cif, ban da naira 150,000 na mota da 'yan dako. Na ce da shi, “Kawu, tunda kuɗin nan suna nan, me zai hana mu tambayi Alhaji ko zai yi mana ragi in muka biya cikin sati guda?”

Bai amsa da wuri ba. Abin da ya dame shi ba lissafi ba ne. Ya ce, “Ɗana, ranar da ka nuna wa mai ba ka bashi cewa kana da kuɗi a hannu, ranar ka koya masa ya daina jiranka.” Na ɗauka tsoron tsofaffi ne. Daga baya na gane cewa a cikin duk sharuɗɗan da ya kamata mu tambaya, wannan na kawu shi ne mafi tsada.

Dalilin da ya sa na yi tsammanin Alhaji zai saurare mu shi ne halin da kasuwa take ciki a lokacin. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kaya bai tsaya wuri ɗaya ba. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disamba. Shi Alhaji kamfanin da yake ɗauko kaya wurinsa ba ya yi masa lodi sai ya biya. Wato kuɗinsa da ke hannunmu na kwana 40 kuɗi ne da ba zai iya sayen sabon kaya da su ba, kuma kafin su dawo masa wataƙila katan ya ƙara kuɗi. Mutumin da ke cikin wannan matsi, in ka ce masa ga kuɗinka da wuri, ba alfarma kake roƙo ba, wani abu kake sayar masa. Sanin haka yana canza ko da muryar da mutum zai yi tambayar da ita.

Kuskuren farko

Kawu bai je Kano ba a wannan karon. Waya ya yi, kuma ba Alhaji ya samu ba, babban yaron shagon ya samu, wanda shi ke karɓar odarmu kullum. Na ji maganar da kunnena domin a lasifika take. Kawu ya ce, “In na biya cikin sati guda, akwai abin da za a rage min?” Yaron ya ce, “Ai Baba ba matsala, ana yi wa manyan kwastomomi kashi biyu in sun biya cikin kwana bakwai.” Kawu ya ce to madalla, aka yi sallama. Duk maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

An rubuta takardar kayanmu ranar Litinin. Motar ba tamu kaɗai ba ce, sai da ta jira kayan wasu mutanen Zariya da Kaduna ta cika, don haka ranar Alhamis ta sauke mana. Ranar Laraba ta satin da ya biyo baya, bayan la'asar, na tura naira 4,070,000: miliyan 4 na kaya, an cire 80,000, an haɗa da 150,000 na mota. A lissafinmu kwana shida ke nan da isowar kaya. Na tura hoton shaidar biya ga yaron, ya maido min da hannu mai ɗaga babban yatsa. Na rufe shafin a littafina, na ja layi biyu a ƙasa.

Bayan sati biyar, a farkon Janairu, muka ba da sabuwar oda, sai aka ce akawun Alhaji ya ce a dakata, akwai ragowar naira 80,000 a kanmu. Kawu ya ji zafin abin ƙwarai, ba don yawan kuɗin ba. Shekara takwas ba a taɓa tsayar masa da lodi ba.

Da na kira akawun, bayaninsa bai da wata murɗiya. Ya ce shi daga ranar da aka rubuta takarda yake ƙirga, kuma daga Litinin zuwa Larabar wani satin kwana tara ne. Ya ƙara da cewa ko da mun biya cikin kwana bakwai, ba a ba kwastoma damar cire ragin da kansa: cikakken kuɗi ake turowa, sannan a rubuta masa ragin a lodi na gaba. Sannan babu inda Alhaji ya sa hannu cewa shagonmu yana cikin waɗanda ake yi wa. Abu uku ke nan, kuma ko ɗaya ba mu tambaya ba. Yaron bai yi mana ƙarya ba, ya faɗi rabin magana ne, mu kuma muka cike sauran rabin da abin da ya fi mana daɗi.

Laifina a ciki shi ne hoton babban yatsan nan da na ɗauka a matsayin rasit. Shaidar cewa an karɓi kuɗi daban, shaidar cewa bashi ya ƙare daban. Da washegari na ce wa akawu ya turo min hoton shafinmu, da na ga 80,000 a tsaye tun lokacin da maganar ke da ɗumi a bakin yaron. Yanzu duk biyan da na yi, sai na ga inda aka rubuta babu saura kafin in ja layi.

Lissafin da ya kamata in yi tun farko

Kafin mu tafi Kano gyara maganar, na zauna na yi abin da ɗoki ya hana ni yi a Nuwamba, wato in gano ko ragin ma ya kai a bi shi.

Kashi biyu kamar ba komai ba ne. Amma ba na shekara ba ne, na 'yan kwanaki ne. In wa'adi kwana 30 ne kuma ka biya a kwana na 7, abin da ka yi shi ne ka rabu da naira 3,920,000 kwana 23 kafin lokaci, aka ba ka 80,000 a kai. In ana so a kwatanta shi da wata hanyar juya kuɗi, sai a maida shi na shekara: 80,000 ÷ 3,920,000 × 365 ÷ 23, wanda ya ba da kusan kashi 32 cikin ɗari. Ga kuɗin da ke kwance a asusu ba sa haihuwar komai, wannan ciniki ne mai kyau.

Sai dai mu ba a kwana 30 muke biya ba, a kwana 40 muke biya. Don haka kwanakin da muka sadaukar 33 ne, ba 23 ba, kuma da su lissafin ya sauko zuwa kusan kashi 22 da rabi. Ba ina cewa jinkirin kwana goma abin alfahari ba ne, haƙurin Alhaji ne muka saba ci. Amma wanda zai yi wa kansa lissafi, da ranar da yake biya da gaske zai yi, ba da wadda ke rubuce ba.

Tambaya ta biyu ita ce daga ina kuɗin za su fito. A Nuwamba kwance suke, shi ya sa babu asara. Amma a sauran watanni kawu yana da kimanin miliyan 2 da yake juyawa a sukari da fulawa, waɗanda yake saye kuɗi hannu a wani wuri. Sukan ƙare cikin sati biyu, su bar masa kamar naira 30,000 bayan an cire mota da dako. A kwana 23 wannan ya ɗan haura 49,000. In ya janye miliyan biyun ya kai wa Alhaji, ragin da zai samu 40,000 ne. Ya yi asarar dubu tara ke nan, ban da kwastoman da zai zo neman buhun sukari ya tarar babu, ya wuce shagon gaba ya sayi har da sabulun. Wannan asarar ta biyu ba ta fitowa a littafi, amma ta fi ta farkon ciwo.

Wani maƙwabcinmu ya ba ni shawarar a ci bashi a biya a samu ragin. Kawu ba ya taɓa bashi mai ruwa, don haka maganar ba ta ma taso ba, amma na lissafa don in rufe bakin maƙwabcin. A kan kashi 4 a wata da ya ce ana ba shi, ruwan 3,920,000 na kwana 23 ya haura naira 120,000. A biya 120,000 don a samu 80,000.

Abin da ya fito min fili shi ne ba ma buƙatar ragi a kan dukkan lodi a kowane lokaci. Muna buƙatar damar zaɓa: wani watan mu biya da wuri, wani watan mu ci wa'adinmu, wani lokacin kuma mu raba. Kuma wannan ba abin da yaron shago zai yanke ba ne.

Maganar malamin kawu

Akwai wani ɓangaren da ni ban hango ba sam. Kawu ya ba malaminsa labarin abin da ya faru bayan karatun asuba, yana neman ya ji ko 80,000 ɗin nan haƙƙinsa ne. Malamin ya tambaye shi abu ɗaya: a nawa aka ƙulla cinikin? Kawu ya ce a miliyan huɗu zuwa kwana talatin, amma in an biya da wuri a rage. Malamin ya ce to a nan gizo ke saƙa.

Mas'ala ce sananniya a fiƙihu, wadda ake kira da' wa ta'ajjal, wato rage min in gaggauta biyanka. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kai, ba a yarda a rage bashin da ke da wa'adi da sharaɗin a gaggauta biyansa ba, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukanmu, ta faɗi haka ƙarara. Hujjar ita ce ragi saboda an rage kwana tagwaye ne da ƙari saboda an ƙara kwana. Akwai kuma waɗanda suka halatta, an ruwaito haka daga Ibn Abbas, kuma shi ne zaɓin Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce ya halatta matuƙar ba a yi yarjejeniya a kansa tun farko ba, kuma tsakanin mai bi da wanda ake bi ne kawai, babu na uku a tsakani. Namu kuwa tun kafin lodi aka yi maganarsa, don haka ko a wannan sassaucin bai zauna daidai ba.

Ni ba malami ba ne, kuma ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da ya amfane mu shi ne mafitar da malamin ya nuna. Ya ce babu laifi mai kaya ya ce farashina in za ka biya nan kusa kaza ne, in kuma sai an daɗe kaza ne, muddin kafin a rabu an tsayar da ɗaya. Abin da ba a so shi ne a tafi da kaya ba a san a nawa aka saya ba, ko kuma a ce bashin zai ƙaru in an yi jinkiri. Da na ji haka na ga ai wannan ya warware har da rikicinmu da akawu. In farashi ɗaya ne a takarda tun ranar lodi, babu wanda zai cire wani abu daga baya, babu kuma ragowar da za ta maƙale a shafi.

Zaman da aka yi a Singa

Muka tafi ranar Talata da safe, da gangan, domin Litinin shagon ba ya shiguwa. Kafin mu isa wurin Alhaji na zaga layi biyu ina tambayar farashin kayan da muke ɗauka kamar mai saye kuɗi hannu. Na tarar a garin wanki da sabulu, farashin da Alhaji ke rubuta mana ya ɗara na lakadan da kusan kashi uku. A taliya kuwa bambancin bai kai kashi ɗaya ba. Wannan zagayen na minti ashirin ya nuna min cewa kuɗin jira yana cikin farashinmu tun asali, abin da muke nema kawai shi ne a cire shi in ba a yi jiran ba. Yana kuma kare mutum daga dilan da zai ɗaga farashi da kashi biyu sannan ya ce ya yi maka ragin kashi biyu.

Alhaji yana zaune a kan kujerar roba a ƙuryar sito, katan-katan na madara sun kai rufi a bayansa, wayoyi biyu a kan cinyarsa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da hanya, aka kawo ruwa. Kawu bai fara da maganar ragi ba. Ya ciro dubu tamanin daga aljihun babbar rigarsa, ɗaure da roba, ya ajiye a gaban Alhaji, ya ce, “Alhaji, Allah ya ƙara arziki. An ce akwai saura a kaina, ga shi na kawo. Rashin fahimta aka samu, kuma laifin namu ne da ba mu same ka kai tsaye ba.”

A hanya na yi masa gardama a kan wannan. Ni a ganina kuɗinmu ne, me ya sa za mu kai? Kawu ya ce wanda ya shiga da ƙorafi, a kan ƙorafin za a tashi. Ya fi ni gaskiya. Alhaji ya kira yaron, ya ji ta bakinsa, ya ƙirga dubu arba'in ya maido wa kawu, ya ce kyauta ce daga gare shi tunda yaronsa ne ya yi magana ba a kammale ba. Sai bayan nan kawu ya ce, “To Alhaji, don kada a sake, ina so in ji daga bakinka. In na ɗauki kaya zan biya cikin sati guda, nawa za ka sayar min? In kuma sai wata, nawa?”

Alhaji ya ce kashi biyu ƙasa da farashin wata. Kawu ya ambaci abin da na gano a layi, cikin raha, ba da sigar tuhuma ba. Alhaji ya yi dariya ya ce masu kashi ukun nan kuɗi suke karɓa kafin kaya ya bar sito, shi kuwa sati guda zai jira, kuma ya haɗa mana har da taliyar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Muka ga maganarsa a kan hanya take, aka tsaya a biyu.

Daga nan kawu ya juyo gare ni ya ce in yi tambayoyina. Na fara da ranar ƙirga, tunda ita ta kayar da mu. Na ce, “Ranka ya daɗe, motar nan takan yi kwana uku kafin ta iso. In daga ranar takarda ne, kwana huɗu ke nan muke da su.” Akawu ya ce shi ba zai iya bin kowace mota ya ji yaushe ta sauke ba. Aka ja kaɗan, aka tsaya a kan kwana goma daga ranar takarda, ko mota ta yi sauri ko ta yi nawa. Ya fi min kwana bakwai daga isowa, domin ranar takarda rubutacciya ce, babu mai musunta ta. Na sake buga lissafin a wayata da kwana 20 maimakon 23, ya haura zuwa kusan kashi 37. An kuma yarda cewa ranar biya ita ce ranar da kuɗi suka shiga asusun Alhaji, ba ranar da na danna tura ba. Wanda ya taɓa ganin an cire masa kuɗi ba su isa ba har kwana biyu ya san dalilin da ya sa nake turawa a kwana na takwas.

Kuɗin mota da dako ba su shiga ciki, wannan ba a yi gardama a kai ba, domin ba na Alhaji ba ne.

Inda na fi tsayawa shi ne kayan da suka lalace. Lokacin da muke biya bayan kwana 40, in katan uku na madara sun jiƙe a hanya ko an samu ƙarancin ƙirga, cire kuɗinsu muke yi wajen biya, shi ke nan. Wanda ya riga ya biya kuwa ya koma mai bin bashi, kuma bin dila bashin katan uku ya fi ƙarfin kuɗin waya. Na faɗi haka yadda yake. Alhaji ya ce mu ƙirga kaya ranar da suka sauka, mu turo hoto cikin kwana biyu, akawu ya gyara takarda kafin mu biya. Abin da aka gano bayan nan, sai a lodi na gaba.

Na tambaya ko za a iya raba lodi ɗaya gida biyu. Akawu ya ɓata fuska, domin aikinsa ne zai ƙaru, amma Alhaji ya ce a rubuta takarda biyu, ɗaya mai kwana goma da farashinta, ɗaya mai kwana talatin da nata. Sharaɗinsa shi ne mu faɗa tun lokacin oda, kuma ta kwana goman kada ta gaza miliyan ɗaya.

Tambayar ƙarshe kawu ya yi ta da kansa, ita ce wadda ta hana shi barci tun Nuwamba. Ya ce, “Alhaji, in na biya da wuri sau biyu sau uku, ranar da na zo na ce wata nake so, ƙofar tana nan a buɗe?” Alhaji ya ce tana nan, har miliyan huɗun da aka saba. Amma ya ɗora da abin da ba mu zata ba. Ya ce tunda yau ana gyara magana, kwana talatin ya zama talatin, a bar arba'in ɗin nan. Kawu ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Tambayar ragin ta ci mana kwana goman da muke samu a ɓagas shekara da shekaru, kuma babu bakin ƙorafi, domin dama ba namu ba ne. Duk mai shirin yin irin wannan tambaya ya sa wannan a lissafinsa: zama a kan sharuɗɗa yana fito da har waɗanda ake kawar da kai a kansu.

Na ce in mun zaɓi kwana goma muka gaza fa? Alhaji ya ce ba zai ƙara ko kwabo a kan takarda ba, shi ma yana da malamai. Amma lodin da ya biyo baya ba za a ba mu farashin kwana goma ba.

Kafin mu tashi na rubuta duk wannan a wayata, layi bakwai, na karanta a gaban kowa, na tura wa Alhaji da akawu ta WhatsApp. Alhaji ya amsa da saƙon murya cewa haka ne. Na adana shi.

Yadda ya kasance bayan nan

Lodin Janairu da na tsakiyar Fabrairu duka a farashin wata muka ɗauke su. Azumi ya kama a farkon Maris na 2025, kuma a irin wannan lokaci sukari ba ya yin sati a shago. Duk nairar da ke hannun kawu tana da aikin da ya fi kashi biyu. Na ga alamar akawu yana mamakin mutanen da suka tako har Kano neman ragi sannan suka ƙi ɗauka sau biyu a jere.

Bayan Ƙaramar Sallah kasuwa ta yi sanyi, kuɗin azumi suka dawo. A lodin Afrilu muka raba: kayan miliyan 2.5 a takardar kwana goma, aka rubuta su 2,450,000, sauran miliyan 1.5 a takardar wata. Miliyan biyun sukari ba mu taɓa su ba. An samu katan biyu na taliya da suka fashe, na tura hoto ranar da suka sauka, akawu ya gyara, na biya a kwana na takwas, na karɓi hoton shafi. Naira 50,000 ke nan da ba mu biya ba, kusan albashin yaron shagonmu ɗaya.

A ƙarshen Mayu kuma muka yi tuntuɓe. Kawu ya zaɓi kwana goma a kan kayan miliyan 2 yana dogaro da kuɗin da wasu masu shaguna uku suka yi alkawarin kawowa. Babbar Sallah ta matso, kowa hankalinsa na kan rago, biyu daga cikinsu suka ce sai bayan layya. Na gaya masa tun ranar oda cewa kuɗin da ba su shigo asusu ba ba a ɗora musu wa'adin kwana goma, ya ce mutanen nan ba su taɓa saɓa masa ba. A kwana na tara ya kira Alhaji da kansa ya faɗa masa halin da ake ciki, muka kammala biya a kwana na goma sha huɗu. Takardar ba ta ƙaru ba, 1,960,000 ɗin da aka rubuta su muka biya. A lodin Yuli akawu ya rubuta mana komai a farashin wata ba tare da ya ce uffan ba, kawu ma bai tambaya ba.